Yadda za ka tuna wa tsohon abokin ciniki bashin da ya wuce wa'adi, zumunci bai ɓaci ba

Wanda ya ɗauki kayanka ya kashe waya ya bar gari, maganarsa daban ce. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne mutumin kirki: ya shekara da shekaru yana sari a wurinka, yana biya, kun san gidajen juna, ya zo sunan ɗanka, sai ga shi wannan karon ranar da ya sa ta wuce bai ce komai ba. Kana son kuɗinka, kuma kana son ya ci gaba da sari a wurinka. A kan irin wannan mutum za mu tsaya.

Abin da kake nema daga tunatarwa abu biyu ne: rana da adadi, kuma daga bakinsa su fito. Ba ka je don ya ji kunya ba, ba ka je don ka huce haushi ba. Idan kun rabu ya ce ranar kaza zai kawo kaza, tafiyarka ta yi amfani. Idan kun rabu da "in sha Allahu kwanan nan" kawai, gaisuwa ka je yi, ko da kun yi awa guda kuna hira.

Ga misalin da za mu bi. Kai ɗan sari ne a Tawa, kana sayar da shinkafa da mai da sukari. Wani Alhaji mai butik a Badagishiri, wanda ya girme ka nesa ba kusa ba, ya ɗauki kaya ranar 3 ga Maris: buhun shinkafa 20 a kan sefa 12,500 kowane, wato jika 250, da jarkar mai 5 a kan jika 22, wato jika 110. Jimla jika 360. Ya ajiye jika 100 a take, ya ce sauran bayan mako biyu, ranar 17 ga wata. Yau 27, shiru. Farashin nan na misali ne, ka sa naka a gurbinsa.

Ka fara da littafinka kafin ka taɓa waya

Littafinka ya ce kana bin Alhaji jika 260. Kada ka yarda da shi tukuna. Ka tambayi yaron shago ko an kawo wani abu ba ka nan. Ka duba saƙonnin da suka shigo wayarka, na Nita da na Amana da duk inda aka saba aiko maka kuɗi. Ka tambayi direban da ke kai masa kaya ko an ba shi saƙo, ko an dawo da jarkar da ke yoyo. A misalinmu, sai yaro ya tuna cewa ranar 10 ga wata Alhaji ya aiko jika 60 da sunan shi yaron, ya je ya karɓo ya sa a aljihun tebur, bai rubuta ba domin kana masallaci. Ashe jika 200 kake bi.

Da ka kira Alhaji ka ce masa 260, da magana ta juya. An bar zancen jinkirinsa an koma zancen amanarka, kai ne za ka dawo kana ba da haƙuri, kuma daga ranar duk lissafin da ka kawo sai ya sa masa ido. Dattijo yakan yafe a tuna masa bashi, amma da wuya ya manta an ƙara masa abin da bai ci ba.

Idan ka daidaita, ka fitar da lissafin a takarda ɗaya, gajere: ranar ɗaukar kaya, abin da aka ɗauka, jimla, abin da aka biya da ranakunsa, saura. Ka rubuta saurar da lambobi cikakku, 200,000, domin a bakin kasuwa wani da jika yake ƙirga, wani da dala, kuma "dubu arba'in" na mai ƙirgan dala shi ne jika 200 naka. Ka ɗauki hoton takardar a waya ka ajiye. Ba yanzu za ka aika ba.

Sai ka tambayi kanka wata tambaya da gaskiya: an sa rana kuwa? Sau da yawa mai kaya ne ya sa ranar a zuciyarsa, shi kuwa abin da ya ce shi ne "in na sayar". Idan haka ne, a ganinsa bai makara ba, kuma ba ka da damar yi masa magana kamar wanda ya saɓa alkawari. Kiranka na farko zai zama na sa rana ne kawai.

Me ya riƙe shi?

Maganar da za ka yi ta danganta da dalilin shirunsa, kuma yawanci za ka iya ganewa kafin ka tambaya. Wanda ya manta, ko ya ɗauka ba ka matsu ba, yana ɗaga wayarka da fara'a, yana biyowa ta ƙofar shagonka ba ya sauya hanya. Wanda kuɗinsa ya maƙale kuwa yakan rage zuwa, gaisuwarsa ta gajarta, wani lokaci ya aiko ɗan abin da ya samu ba a tambaye shi ba, kamar jika 60 ɗin nan na Alhaji. Wannan alama ce mai kyau. Akwai kuma wanda yake da ƙorafi a ransa, buhu biyu sun zo a jiƙe ko farashin ya fi abin da ya ji a wani wuri, ya riƙe kuɗin yana jira ka tambaya ya faɗa. Na ƙarshe shi ne wanda kuɗin na hannunsa amma yana juya su: butik ɗinsa cike da sabon kaya, sai dai ba naka ba. Ya ɗauki kuɗinka ya sara a wani wuri da kuɗi hannu.

Ka dubi kuma inda kuɗinsa ke fitowa, domin mai butik shi ma bashi yake bayarwa. Idan masu sayensa ma'aikatan gwamnati ne, kuɗi na shigo masa ƙarshen wata, in albashi ya makara shi ma ya makara. Idan manoman albasa ne na wajen Galmi da Madawa, sai an kwashe an sayar. Idan gidajen ƴan bida ne, waɗanda mazansu ke Abijan ko Libiya, sai an aiko. Wanda ya san wannan ba zai nemi kuɗi tsakiyar wata a wurin mai jiran albashi ba, zai sa ranarsa ta faɗo bayan kuɗi sun shigo.

Kada kuma kunya ta sa ka yi ta jira. A misalinmu jika 200 na sayo maka buhu 16. Idan ribarka 500 ce a buhu kuma kana juya su sau ɗaya a mako, jika 8 kake rasawa duk mako. Kwana biyu ko uku bayan wa'adi sun isa a yi kiran farko. Wanda ya yi shiru wata biyu yana haɗiyar abu, ranar da ya buɗe baki da zafi yake buɗewa, kuma shi wancan ya riga ya saba da shirun.

Kiran farko

Dattijo kamar Alhaji kiransa ake yi, ba a fara masa da rubutu. Saƙon murya ma bai dace da farawa ba, saboda mutane da yawa a bainar jama'a suke buɗe shi, sai maganar bashinsa ta fito a gaban masu saye ko a gaban iyalinsa. Kada ka kira da sassafe kafin ya yi cinikin fari, ƴan kasuwa da yawa ba sa son a buɗe musu yini da zancen bashi. Kada ka kira ana tsakiyar cin kasuwar garinsu. Yammacin ranar kasuwa ko washegari da hantsi ya fi, lokacin kuɗi na aljihu. Idan ka ji an yi masa rasuwa ko yana jinya, ka je gaisuwa ko dubiya, ka dawo ba ka ambaci ko dala ba, maganar kuɗi ta jira wani zuwan.

Ka cika gaisuwa, amma kada ka ja ta har ya fara zargin abin da ke bayanta. Kafin ka shiga magana ka tambaya ko shi kaɗai ne.

"Salamu alaikum, Alhaji, barka da yamma. Ina gajiya? Ina iyali? Yaya kasuwar yau?"

"Alhamdu lillahi, ɗana. Ina mutanen Tawa?"

"Lafiya lau suke. Alhaji, kuna da sarari in yi ƴar magana, ko akwai mutane?"

"Faɗi, ni kaɗai ne."

"To, da farko saƙonku na jika sittin ya iso, Allah ya ƙara buɗi. Ina daidaita littafi ne saboda zan yi odar shinkafa mako mai zuwa, sai na ga saura jika ɗari biyu a kayan ran uku ga wata. Na ce bari in ji ko haka yake a wurinku."

Daga nan ka yi shiru. Wannan shirun shi ne wurin da aka fi faɗuwa. Kunya kan kama mai bin bashi sai ya ci gaba da zuba: "amma ba komai fa, ba gaggawa, duk lokacin da kuka samu." Da ka faɗi haka ka ba shi sabon wa'adi marar iyaka da bakinka, kuma in ka sake kira bayan kwana biyar, kai ne za ka zama mai magana biyu.

Dubi yadda maganar take. Ka fara da godiya kan abin da ya biya, don ya san ka gani. Ka kawo dalilin da ya shafi kasuwarka, ba halinsa ba. Ka faɗi adadi da ranar kaya. Sannan ka rufe da tambaya, wadda ta bar masa ƙofa: in ya manta ya ce ya manta, in yana da ƙorafi ya fito da shi. Ba ka ce "kun saɓa alkawari" ba, ya san ranar da ya sa. Dalilin da ka kawo kuma ya zama gaskiya. Kada ka ƙirƙiro rashin lafiyar mahaifiya ko ka ce maigidanka na Yamai ya matsa maka alhali ba haka ba ne. Kasuwa ƙarama ce, direba ɗaya ke kai muku kaya, magana za ta zagayo.

Yanzu Alhaji zai ce wani abu kamar haka: "Wallahi haka ne, ɗana, ka yi haƙuri. Mutane ne suka riƙe ni. In sha Allahu kwanan nan za ka ji ni."

Nan ne aikin yake. Ka karɓi uzurin da zuciya ɗaya, sannan ka mayar da "kwanan nan" ta zama rana.

"Ba komai, Alhaji, bashi hanji ne, yana cikin kowa. Don dai in san yadda zan tsara odar, wace rana zan sa rai? Ko ba duka ba, abin da ya sawwaƙa."

Ka bar shi ya sa ranar da kansa, domin ranar da mutum ya yanka da bakinsa ta fi nauyi a kansa fiye da wadda aka ɗora masa. Idan ya kasa, sai ka taimaka da zaɓi biyu: bayan kasuwar wannan makon, ko ta mako mai zuwa? A misalinmu Alhaji ya ce duka a lokaci ɗaya zai yi masa nauyi, amma zai iya jika 50 duk bayan kasuwa. Mako huɗu ke nan. Ka karɓa. Jika 50 da ke zuwa duk mako ta fi jika 200 da aka yi alkawari don a rabu da kai. In ma ka ji ya yi alkawarin da ka san ya fi ƙarfinsa, kai ka rage masa, domin wanda ya kasa cika alkawari sau biyu kunya kan sa ya daina ɗaga waya gaba ɗaya.

Kafin ku yi sallama ka maimaita abin da kuka tsayar, ka kuma nemi izinin aiko da takarda: "To Alhaji, jika hamsin duk washegarin kasuwa har sau huɗu. Zan turo muku hoton lissafin don littafinmu ya zama ɗaya." Ku kuma yanke wa zai biya kuɗin aike, ƙaramin abu ne amma yakan bar saura a littafi a zo ana musu a kai.

Yanzu ne hoton nan zai yi aiki. Ka tura shi ta WhatsApp zuwa lambarsa shi kaɗai, da ƴan kalmomi:

"Salamu alaikum Alhaji. Ga lissafin da muka yi magana. Saura 200,000. Kamar yadda kuka ce, 50,000 duk mako har sau huɗu, daga wannan makon. Allah ya ba da kasuwa."

Idan ya amsa da "to" ko da murya, ka ajiye, kada ka goge. Idan ba ya karatun boko, ka bi hoton da gajeren saƙon murya, tunda yanzu ya san da zuwansa.

Idan kuwa ƙorafi ya fito, ya ce buhu biyu sun zo a jiƙe, kada ka yi gardama a waya. Ka ware kuɗin buhu biyun, jika 25, ka ce za ku duba wannan tare, sauran 175 da babu saɓani a kansu a sa musu rana. In ba haka ba, saɓanin jika 25 zai riƙe maka jika 200.

Idan ranar ta zo ba a ga komai ba

Ka bari ranar ta wuce, washegari da hantsi ka kira. Kada ka bari ta wuce da mako, domin zai fahimci ranakun da ake sa maka ba su da nauyi. Muryarka ba ta sauya ba, girmamawa na nan, abin da ya ragu shi ne kewaye-kewaye: "Alhaji, jiya ce ranar da muka yi, ban ga saƙo ba, na ce ko lafiya?" In ya aiko jika 30 maimakon 50, ka yi godiya, ka faɗi sabuwar saura, 170, ka tambayi ko ashirin ɗin za ta biyo ta mako mai zuwa. Duk biya, komai ƙanƙantarsa, ka amsa shi da godiya da sabon adadi a rubuce.

Kada ka yi ta jera kira. Kira biyar a yini ɗaya ba ya kawo kuɗi, sai dai ya koya wa mutum kallon lambarka yana ƙin ɗagawa. Ka kira sau ɗaya, in bai ɗaga ba ka bar gajeren saƙo na gaisuwa da cewa kana son magana, ka jira kwana biyu. Kada ka kira da baƙuwar lamba don ka kama shi, in ya ɗaga ka nuna masa ka ɗauke shi maƙaryaci.

Idan rana ta biyu ma ta wuce, ka bar waya ka tashi ka je. Ka sanar da shi kana tafe, ka same shi a butik lokacin da mutane suka ragu, ka nemi ku koma gefe. Kada ka je gidansa da maganar bashi sai in shi ya ce ka zo can, kuma kada ka aiki yaron shagonka wurin dattijo, raini ne. A zaune, ido da ido, za ka iya tambayar da ba ta tambayuwa a waya: "Alhaji, tsakanina da ku babu ɓoye-ɓoye. Me ake ciki? In akwai matsala ku faɗa mini mu san yadda za mu yi." Kana zaune kuma idonka na ganin kanta. Idan shinkafarka na jibge ba ta tafi ba, ka ba da shawarar ɗauke wani sashe a farashin da ka ba shi, a rage a bashin. Buhu 8 jika 100 ne, rabin bashin ya tafi ba tare da ya fitar da ko dala ba. Ka turo a ɗauka lokacin da ba idon jama'a, kada a ce an zo kwashe wa Alhaji kaya.

Idan ya nemi sabon kaya alhali tsohon na nan

Wannan zai faru, kuma nan ne zumunci ya fi karyewa. In ka hana shi gaba ɗaya, butik ɗinsa ba zai zauna babu shinkafa ba, zai koma wurin wani, kuɗin da ya kamata ya zo maka ya tafi can. In ka ƙara masa a kan tsohon, jika 200 ta zama 400, kuma wanda bashi ya yi wa yawa gudu yake yi.

Hanyar tsakiya ita ce kaya su ci gaba da tafiya, bashi kuma yana raguwa. Duk abin da ya kawo a raba biyu. Ya kawo jika 100, hamsin ta tafi tsohon bashi, hamsin ta saya masa buhu 4 kuɗi hannu. Zuwa huɗu irin wannan, littafi ya rufe, kuma bai taɓa fita shagonka hannu rabbana ba. Ka faɗa masa a matsayin tsarin shago: "Alhaji, yadda nake yi da kowa yanzu, sai an rufe shafi ake buɗe wani. Amma ba zan bar ku babu kaya ba, ga yadda za mu yi." In ka ce da kowa, to ya zama da kowa ɗin ne, domin zai ji labari.

Kada ka ƙara masa ko tamma a kan bashin saboda jinkiri. Kuɗin ruwa ne a shari'a, kuma a idonsa ka tashi daga abokin ciniki ka zama mai cin wahalarsa. Alƙur'ani, a aya ta 280 ta Suratul Baƙara, ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, hadisi kuma ya kira jinkirin mai hali zalunci. Su biyun suna nan, shi ya sa tun farko ka tsaya gano wane iri ne a gabanka. Amma kai ka san su don kanka, kada ka karanta wa Alhaji hadisin a fuska. Wa'azi daga bakin mai bin bashi zagi ake jinsa.

Haka kuma habaici. Wasu sukan sa rubutu a WhatsApp kan masu cin bashi ba sa biya, ko su yi zancen a majalisar shayi ba tare da kama suna ba. Kowa ya san da wa ake. Da zarar mutum ya ji asirinsa a waje, abin da yake karewa ta hanyar biyanka ya riga ya zube, sauran abokan cinikinka kuma sun ga yadda za ka yi da su ranar da tasu ta zo.

Ɗan tsakani da takarda

Idan zama ido da ido bai haifar da komai ba, sai a sa mutum. Wanda ya fi dacewa shi ne wanda ya haɗa ku tun farko, ko wani babban ɗan kasuwa da Alhaji ke jin nauyinsa kuma bakinsa na da murfi. Ka sanar da Alhaji kafin ka yi: "Ina ganin mu sa Malam ya zauna da mu, ko zai ga hanyar da ba mu gani ba." In ya ji daga sama cewa ka kai ƙararsa, zai zo zaman da fushi. Sau da yawa ma jin za a sa mutum kaɗai kan sa kuɗi su fito.

A wannan zaman a rubuta takarda: sunayenku, adadin saura da lambobi da kalmomi, ranakun biya, sa hannu ko dangwalen yatsa, da shaidu biyu. Kowa ya riƙe kofi. Idan kana jin nauyin nema, aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta ce a rubuta bashi, ba wanda zai ce ka kawo baƙon abu. Takardar tana da wani amfanin kuma. Nijar na cikin ƙasashen da ke bin dokokin kasuwanci na OHADA, ƙungiyar ƙasashen Afirka da suka haɗa dokokin kasuwancinsu, kuma a ƙarƙashinsu ƙarar da ta shafi cinikin kaya tsakanin ƴan kasuwa wa'adinta shekara biyu ne, amma in wanda ake bi ya amsa bashin, ƙirgan yakan sake farawa. Akwai kuma gajeriyar hanya da alƙali ke ba da umarnin biya idan bashin tabbatacce ne, adadinsa sananne, lokacinsa ya yi, kuma hujjar da za ka nuna ita ce irin wannan takarda. Sai dai ka sani, ranar da takardar kotu ta isa butik ɗin Alhaji, ko ka kai shi kwamisariya, cinikinku ya ƙare. Kafin nan akwai mai unguwa ko hakimi, waɗanda sulhu aikinsu ne.

A misalinmu ba a kai nan ba. Alhaji ya aiko 50, ya aiko 30, ya tsallake mako guda, aka zauna, sannan ya cike sauran 120 ta hanyar raba biyun nan. Ranar da ta ƙarshe ta shigo, ka kira shi da kanka ka ce littafi ya rufe, ka yi godiya ba tare da ka ambaci jinkirin ba. Ka ja layi a shafinsa ka rubuta an biya da kwanan wata, ka tura masa hoton, in akwai takardar shaidu ka mayar masa da taka. Idan ya dawo neman kaya bashi, ka ba shi, amma wannan karon jika 100 ce iyaka maimakon 260, a faɗi ranar biya da baki kafin a ɗora kaya a mota, a rubuta a gabansa. Kwana biyu kafin ranar ka kira ka gaishe shi, ka tambaya ko akwai abin da za a haɗa masa a lodin da ke tafe. In ya cika sau biyu ko uku a jere, sai ka ɗaga iyakar.